Wankan Mosko

Shekara da shekaru Mumuni yana kula da karnukan mutane a Roman Rij, unguwar masu kuɗi a birnin Ankara, kuma shekara da shekaru matarsa Ƙaltume ba ta bar ko silin gashin kare ya tsallake bakin ƙofarta ba. Doka ce ta kafa tun suna sababbin aure a gidan hayarsu na Mamobi. In ya taso daga aiki, bokitin ruwa na jiransa a banɗakin tsakar gida, da sabulunsa daban, da tawul ɗinsa daban. Sai ya yi wanka ya sauya kaya, sannan ta yi masa sannu da zuwa. Mumuni mutum ne marar hayaniya, bai taɓa yin musu a kan wannan ba. Ita kuma ba ta taɓa tambayarsa me yake yi a can tun safe har la'asar ba. Wankan kare dai, me ke cikinsa? A watsa ruwa, a goga sabulu, a ɗauraye.

To, ana gab da shiga damina, wata safiya Mumuni ya sunkuya zai ɗaura takalmi, bai miƙe ba. Aka kwashe shi zuwa asibiti, aka dawo da shi ɓarin jikinsa na dama a shanye, baki ya karkace. Magana tana fita, amma sai an kasa kunne an kuma yi haƙuri. Abu na farko da ya iya haɗawa ya faɗa ba sunan Ƙaltume ba ne, ba na 'yarsu Fauziya da ke aure a unguwar Malam ba. Cewa ya yi, "Mosko."

Wannan ya ɓata mata rai ƙwarai, sai dai ba ta da lokacin fushi.

Mosko ɗaya ne daga karnuka biyu na Madam Adole, uwar ɗakin Mumuni. A lokacin Madam tana ƙasar waje, ta je zaman jego wajen 'yarta, ta bar gidan a hannun Efo, tsohon kukunta ɗan ƙabilar Ewe. Efo ne ya zo Mamobi da saƙonta, ya zauna a kan benci yana share gumi, ya faɗe shi da Hausarsa ta kasuwar Nima.

"Madam ya ce shi ba ya kore Mumuni. In akwai mutum ya riƙe karnuka kafin ya dawo, aiki yana nan. In babu, zai kira masu mota, su ne suna wanke kare yanzu. Ni kam ba na iya, Mma Ƙaltume. Ƙirji na ba ya son gashi kwata-kwata."

Ƙaltume ta dubi mijinta. Tun da aka dawo da shi idonsa ke rufi, bai cika kallon kowa ba. Yanzu kuwa ita yake kallo. Ta gane abin da ya rage masa a duniya ke nan, wato tunanin cewa wata rana zai tashi ya koma bakin aikinsa. In aka ɗauke masa wannan, ba ta san abin da zai sa ya ci gaba da ƙoƙarin ɗaga hannun da ya mutu kowace safiya ba.

"Zan je," in ji ta. Ta faɗa ne kamar wadda aka ce ta sha maɗaci.

A daren farko bai bar ta ta huta ba sai da ya yi mata bayani, kalma ɗaya bayan ɗaya, yawu na zuba tana goge masa. Ɗaya karen, Kaftin, mai gajeren gashi ne, ba shi da wahala. Mosko kuwa a taje shi kullum, a taje kafin ruwa ya taɓa shi. Kada a yawaita masa wanka. In an yi, a busar da shi har fata, a sa hannu a ji.

"Na ji, Malam," in ji ta. Ta kuwa ji, amma a ranta ta ce hannunta da take yin alwala da shi, take dama kokon da mutane ke sha, ba zai shiga jiƙaƙƙen gashin kare ba. Haka ta taso ta ji a gidansu: busasshen kare da sauƙi, jiƙaƙƙe kuwa najasa ce tsantsa.

Ranarta ta koma kamar ta mutum uku. Kafin asuba tana gaban murhu. Da gari ya waye tana bakin titi da tukunyar koko da ƙosai har rana ta ɗaga. Ta dawo ta juya Mumuni, ta wanke shi, ta ba shi abinci a baki, ta roƙi maƙwabciyarta Zuwera ta riƙa leƙa shi. Sannan ta bi ta lunguna, ta tsallake kwatoci, ta haye babban titi zuwa unguwar da bishiyoyi suka fi mutane yawa. Tafiyar ba ta da nisa, amma ga mace mai ciwon gwiwa a zafin Ankara, kafin ta isa zanenta ya manne mata a jiki.

Ranar farko Efo ya miƙo mata rigar aikin Mumuni, wata doguwa mai ruwan ƙasa, ya ce ta sa don karnuka su ji warin mai su. Ya ɗaure su da sarƙa a jikin turaku biyu a bayan gida, ya sa musu takunkumi, ya koma nesa yana tari. Kaftin ƙato ne ja, gashinsa a kwance lif kamar na akuya, ya yi ta gurnani har ya shaƙi rigar, sai ya yi shiru. Mosko tsoho ne, baƙi da ruwan toka, gashi ya lulluɓe shi tun daga wuya har wutsiya. Bai yi haushi ba. Ya sunsuni gefen rigar, ya ɗaga kai ya ga fuskar ba ita ba ce, ya kwanta yana haki, harshe waje.

A ɗakin ajiya akwai akwatin Mumuni: mataji iri-iri, wani mai dogayen haƙoran ƙarfe, wani ɗan buroshin roba, tulin tsofaffin tawul a ninke, kwalbar sabulun karnuka, da wani inji mai bututu. Ƙaltume ta ɗauka injin na share mota ne. Ta rufe akwatin. Abin da ta ɗauka tiyo ne da buroshi mai doguwar sanda da ake wanke baranda da shi.

Kada a ce muguwa ce, ba haka ba ne. Tausayi ma shi ya fara kai ta. Ta dubi wannan dabba da Allah ya yi wa bargo aka kawo ta ƙasar da mutum ke gumi a cikin inuwa, ta ce wannan zalunci ne, ko ba komai ta sanyaya masa jiki. Ta tsaya daga nesa ta sakar masa ruwa, ta goga da sanda, ta sake watsa ruwa. Kaftin ya girgije, ya yi ɗan zagaye a rana, kafin ta naɗe tiyo ya bushe ƙarau yana sheƙi. Mosko ma ya girgije, ta duba ta ga samansa ya sha iska. Azahar ta gabato, Mumuni na jiran a juya shi. Efo ya mayar da su kejinsu na siminti, ita kuma ta kama hanya.

Haka ta yi washegari, da jibi, da gata. Kullum da yamma Mumuni yakan tambaya.

"Kin taje shi?"

"Na taje."

"Ya bushe?"

"Ya bushe, Malam. Buɗe bakinka ka karɓi tuwo."

Ba ta ɗauke shi ƙarya mai nauyi ba. Buroshin baranda ai yana bin gashi, kuma da idonta take ganin ya bushe. Abin da ba ta sani ba, gashin Mosko hawa biyu ne. Na sama dogo ne mai kauri, shi ke saurin shan iska. A ƙarƙashinsa akwai wani mai laushi, cunkus kamar auduga, wanda in ya sha ruwa a irin wannan damina sai ya kwana ya yini bai saki ba. Wanda ya mutu a cikinsa, in ba a taje an fitar ba, ruwa na taɓa shi sai ya dunƙule ya cure, ya riƙe laima a kan fata. Ƙaltume ta san wanki sarai, ta san bargon da aka ninke da danshi abin da yake zama. Kawai dai ba ta taɓa kawo wa ranta kare ma haka ba ne.

Ruwan sama ya sauka sosai. Kwatocin Mamobi suka cika suka tumbatsa, shanya ta daina bushewa, gishiri ya jiƙe a cikin gwangwani. Sai Mosko ya fara wari, wani wari mai tsami da ke tarar mutum tun daga ƙofar baya. Ƙaltume ta ce ashe sabulun nan nasu mai tsada ba ya komai. Ta zo da garin sabulun wankinta a ƙulle a leda, ta barbaɗa, ta goga har kumfa ta rufe karen. Ta watsa ruwa sama-sama, kumfar da ake gani ta tafi, wadda ba a gani ta zauna a ciki. Warin ya ƙaru, ta ƙara wanka. Kaftin ma da ba ya laifi sai ga shi ya fara susa, farin amosani na tashi a bayansa, sheƙin nan ya dusashe.

Zuwera ba ta bar ta ta sha ruwa ba. In ta ga ta dawo tana jan ƙafa sai ta ce, "Ina lebura, manajan karnuka? Yau wa ya ci albarkacin wanka?" Ƙaltume takan yi murmushin dole, ta shige banɗaki ta yi ta cuɗa jikinta da bokitin da a da take ajiye wa Mumuni.

Ranar da abin ya fito fili, Efo ne ya tare ta a ƙofa.

"Mosko bai ci abinci. Tun jiya yana cizon bayan shi. Zo ka gani."

Karen yana kwance a lungun keji, ƙudaje na bin sa. A gindin wutsiyarsa gashi ya manne, ya yi jiƙe-jiƙe da wani ruwa-ruwa. Da ya juya zai ciji wurin sai ya yi kuka, ƙaramin kuka irin wanda bai dace da girmansa ba. Ƙaltume ta leƙa daga nesa. Ta ce a kawo tiyo ta wanke wurin.

"A'a," in ji Efo. "Zafi ne yana kashe shi. A kira wanzami ya aske shi duka, tas. Amma bari na kira dakta tukuna, kar Madam ya ce ni ne."

Likitar dabbobin da ta zo a kan babur ba abin da Ƙaltume ta zata ba ce. Mace ce matashiya da ɗan hijabi, sunanta Samiratu, kuma da ta buɗe baki Hausar Nima ce ta fito. Ta gaishe ta da ladabi, ta tambayi jikin Baba Mumuni, don ta san shi. Ta sa Efo ya ɗaura takunkumi, ta durƙusa, ta sa safar roba, ta raba gashin da yatsu.

"Mma, zo ka duba nan."

Ƙaltume ta matso. A ƙarƙashin gashin da ta rantse ya bushe, fatar ta yi ja jawur, ta saɓule, tana tsatsafar ruwa, faɗinta ya kai tafin hannu. Akwai wani gyambon a ƙarƙashin abin wuya, wani a bayan kunne, inda gashi ya cure ya yi tauri kamar tsohuwar tabarma. A bakin na gindin wutsiya ƙuda ya riga ya yi ƙwai.

"Yaushe aka yi mashi wanka?"

"Jiya."

"Kafin jiya fa?"

"Kullum ne," in ji Ƙaltume, muryarta ƙasa-ƙasa. "Na ga zafi na damunsa."

Samiratu ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Numfashi kawai ta ja, irin na wadda ta sha ganin wannan duk damina. Ta ce wa Efo ya manta da wanzami. Gashin nan shi ke kare fatar daga rana da cizon ƙuda, in aka aske shi tas ba lallai ya dawo daidai ba. Wurin ciwo kawai za ta aske don iska ta shiga, da curin da mataji ba zai iya warwarewa ba. Ta yi wa karen allurar da ta kwantar da shi, ta kunna injin aski. Ƙaltume na tsaye tana kallon gashi yana zuba a dunƙule, jiƙaƙƙe, da farin busasshen sabulu a gindinsa. Sabulunta ne, ta gane shi.

Da ta gama wanke gyambunan ta shafa magani, ta sa masa wata roba mai kama da mazurari a wuya don kada ya kai baki. Sannan ta buɗe akwatin Mumuni ta fito da kayan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce Mosko babu wanka sai ya warke, bayan nan ma kamar sau ɗaya a wata ya isa, da sabulunsa, a ɗauraye har ruwa ya fito garau. A tsane da tawul, a hura da injin nan mai bututu, iska mai sanyi, ana raba gashi layi-layi har fata ta bushe. Kaftin kuwa buroshin roba da jiƙaƙƙen tsumma sun ishe shi yawancin kwanaki, sabulun wanki ne ya ƙone masa man fata. Maganin zafi inuwa ce da ruwan sha da fanka.

"Amma taza kullum ne, Mma. Kuma ido bai iya ganin ciki. Dole ka sa hannu."

Ƙaltume ta dubi hannuwanta. Can ta ce, "Ke kina salla?"

"Ina yi paa, sosai ma," in ji Samiratu tana dariya kaɗan. "Malamai sun saɓa, kowa da abin da ya karanta. Baba na ya ce min kare mai rai jikin shi ba najasa ba ne. Ni dai ina wanke hannu, ina canja riga, ina alwala. In zuciyar ka bai kwanta ba, ga safa." Ta ajiye mata guda biyu a kan akwati. Ta ɗauki jakarta, sannan ta juyo. "Zan gaya ma Madam, Mma. Karen shi ne, ba na iya ɓoye mashi."

A ranar Ƙaltume ba ta san yadda ta iso gida ba. Mumuni ya tambaya, ta ce ya bushe. Wannan karon tana faɗa ta tashi ta fita wai za ta duba wuta.

Washegari ta sa safar, ta zauna a kan 'yar kujera kusa da Mosko, ta ɗauki matajin ƙarfe. Ta fara daga kafaɗa, nesa da ciwon, kamar yadda aka nuna mata: a ɗaga gashi da hagu, a taje ƙasan da dama, a matsa gaba kaɗan. Abin da ya fito ya ba ta mamaki. Mataccen gashi ya yi ta fita har ya cika leda, karen kuwa bai ragu ba. Amma da safa ba ta iya bambance sanyin fata da danshi, ga gumi ya taru mata a ciki yana zuba ta wuyan hannu. Ta duba hagu, ta duba dama, kamar akwai wanda zai kai labari Mamobi. Ta yi bisimilla ta zare su.

Fatar tana da ɗumi, kuma tana motsi da numfashi. Mosko ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, ya kwantar da kansa da mazurarin duka a kan ƙafarta. Ba ta ji tana son sa ba, kada a yi mata ƙarya. Abin da ta ji shi ne bayanta na ciwo, kafaɗarta na ciwo, rana ta yi nisa, kuma ɓari ɗaya kawai ta gama. A nan ta san abin da mijinta yake yi tun safe har la'asar duk shekarun nan, da abin da ya sa yakan dawo yana dafa ƙugu, ita kuwa ta nuna masa bokiti. Kunya ta kama ta, mai nauyi, ba ta da wanda za ta gaya wa.

Ta rage kokon da take damawa don ta samu lokaci. Kullum ta ba shi ƙwayar magani a cikin nama, ta goge gyambo, ta taje, ta bi bayan kunne da hammata da cinyoyi da yatsunta. Ta sa Efo ya jawo tsohuwar fanka zuwa bakin kejin. Gyambunan suka bushe, suka yi ɓawo, wari ya tafi. Kaftin ya daina susa. Har ta fara sa rai. Ta ce Madam za ta zo ta ga kare yana cin abinci, ai shi ne magana.

Madam Adole ta dawo bayan ruwa ya fara ɗaukewa. Mace ce mai sanyin magana, ba ta ɗaga murya ba. Ta tsuguna ta rungume Mosko, ta daɗe tana shafa wuraren da aka aske, inda sabon gashi ya fara tsirowa gajere, faci-faci kamar rigar da aka yi wa gyara. Sannan ta miƙe ta yi magana da Turanci, Efo yana mayarwa da Hausa.

"Ya ce ya gode, ka yi ƙoƙari. Ya ce Mumuni bai taɓa bari ko ƙaramin ciwo ya fito ma kare ba. Ya ce Mosko ya tsufa, shi ba ya iya gwada-gwada da shi kuma. Masu mota za su fara zuwa, kuma sun ba shi mutum na kullum."

"Gaya mata na koya," in ji Ƙaltume. "Ta sa hannu ta ji. Gaya mata Malam yana samun sauƙi, jiya ma ya motsa yatsa."

Efo ya gaya mata. Madam ta dubi Ƙaltume da tausayi, irin tausayin da ba ya sauya komai. Ta ce za ta zo ta gaishe shi, kuma ba za ta manta da shi ba. Ta ce in akwai abin da suke so a cikin akwatin, su ɗauka.

Ƙaltume ba ta ƙara roƙo ba, gajiyar ta wuce nan. Ta cire rigar aikin ta ninke. Ta buɗe akwatin ta ɗauki matajin ƙarfe, wanda mariƙinsa na katako ya lotsa daidai inda babban yatsan Mumuni ke zama. Gashin tazar safiyar yana maƙale a haƙoransa.

La'asar ta yi lokacin da ta shigo gida. Zuwera na tsakar gida tana tankaɗe, ta buɗe baki za ta yi tsiyarta, ta ga fuskar, ta rufe. Bokiti na nan a bakin banɗaki, cike. Ƙaltume ta wuce shi, ta ɗaga labule ta shiga da ƙurar ƙafarta, da rigar a hammata.

Mumuni yana jingine da matashi. Hancinsa ne ya fara sanar da shi, ya juyo da sauri. Ya ga rigar. Ba a kawo rigar aiki gida in akwai aiki gobe, shi ya fi kowa sani. Ta zauna a bakin gado, ta sa matajin a hannunsa mai lafiya. Ta shirya magana tun daga Roman Rij, ta tiyo da ta sabulu da ta ƙaryar da ta yi ta yi masa, amma ko ɗaya ba ta fito ba.

Ya daɗe yana kallon matajin. Ya kwantar da shi a cinya, ya sa babban yatsa ya zare gashin daga haƙoran a hankali, ya murza shi tsakanin yatsu yana ji. Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ya shanye, inda ba ya jin sa, ta bar shi bai sani ba.

"Wa ya taje?"

"Ni."

Ya kamo hannunta, ya kai hancinsa, ya riƙe shi a nan.

"Ya bushe?"

"Ya bushe, Malam," in ji ta. "Har fata. Na sa hannu na ji."

Ya gyaɗa kai. Ladan ya kira salla a masallacin lungu, ba ta tashi nan da nan ba, domin bai sake ta ba. Hannunsa na dama yana kwance a kan zani inda ta ajiye shi da safe, kuma washegari da ta zo juya shi bai yi ƙoƙarin ɗaga shi ba.